Yadda Ake Mayar wa Tsoho Bayanin Takardar Magani da Hausar da Zai Yi Aiki da Ita

Siririyar takardar nan da ake naɗewa a cusa cikin kwalin magani, wadda in ka warware ta sai ta kai kamu biyu, ba a yi tunanin Inna da Baba ba lokacin da ake rubuta ta. Turanci ne, rubutun ƙanana kamar ƙwayar gero, rabinta kuma zancen likitoci. Na daɗe ina aiki a tagar ba da magani, a gida ma ni ake miƙa wa leda duk ranar da wani dattijo ya dawo daga asibiti. Abin da wannan aiki ya koya mini shi ne, amsar tambaya biyar tsoho yake nema: wane magani ne, guda nawa, yaushe, har zuwa yaushe, kuma me zai gani ya san komawa asibiti ta kama. Aikinka ka tsamo waɗannan amsoshi daga Turancin ka zuba su a Hausa, ba tare da ka taɓa lamba ko ɗaya ba.

Zan bi da kai ta kan ledar wata gwaggona mai shekara saba'in da 'yan kai. Ta daɗe tana shan amlodifin na hawan jini da metfomin na ciwon suga. Sai zazzaɓin cizon sauro ya kama ta, aka gwada jini aka tabbatar, aka ƙara mata maganin zazzaɓin da farasitamol na ciwon jiki. Magani huɗu, takarda huɗu, ita kuwa ajami kaɗai take karantawa.

Kayan aiki

Ka tara magungunan duka a tabarma ɗaya, har da wanda ta saya da kanta a kemis don ciwon gwiwa, da jiƙon da ke bayan ƙofa. Ka nemi takardar likita ko ambulan ɗin da aka yi rubutu a kai a asibiti, da takardar cikin kowane kwali. Sai farar takarda mai kauri, bayan tsohuwar kalanda ma ya wadatar, da maka baƙa da ja, da salatif. In akwai maganin ruwa, ka nemi ɗan kofin awo da ke zuwa a kan murfin ko sirinji marar allura. Ka riƙe lambar wayar mai harhaɗa magani ko ma'aikacin jinya da za ka iya kira. Na ƙarshe kuma mutum ne: wanda yake kwana gida ɗaya da tsohon, jika ko suruka, ya zauna a yi komai a gabansa.

Sau da yawa za ka tarar babu takardar ciki, domin kati ɗaya aka yanko daga kwali aka ba da. In haka ta faru, ka koma inda aka sayo ka roƙi takardar, ko ka ɗauki hotonta da waya. Ƙwayoyin da aka zuba tsirara a leda babu suna kuwa, kada ka yi musu fassara da ka. Mayar da su a rubuta maka suna da ƙarfinsu.

1. Tabbatar da abin da ke hannunka

Kafin Hausa ta shigo, duba abu uku a jikin kwali: sunan maganin na asali, wanda galibi ake rubutawa ƙanana a ƙarƙashin sunan kamfani, da ƙarfinsa, da ranar lalacewarsa. Inda aka rubuta EXP 08/2027, maganin yana da kyau har ƙarshen watan Agustan 2027. Kada ka ruɗe da MFG, wannan ranar da aka yi shi ce. A Najeriya ka duba lambar rajistar NAFDAC.

Sunan asali shi ne abin lura. Tsoho yana gane magani da launi da kamanni. In wancan wata an ba shi amlodifin na wani kamfani, wannan wata na wani, sai ya ɗauka magani biyu ne ya riƙa haɗa su. Na sha tarar da haka a leda, mai ita kuma tana kukan jiri. Duk inda ka ga suna ɗaya a kwali biyu, ka ware ɗaya gefe, ka gaya mata a fili: "Gwaggo, wannan da wannan abu ɗaya ne, riga ce kawai ta bambanta. Sai wannan ya ƙare za a taɓa wancan."

2. San wace takarda ce gaba

Takardar cikin kwali ta kowa da kowa ce. Takardar likita ta wannan mutum ce shi kaɗai. Adadi da lokaci daga ta likita ake ɗaukowa, gargaɗi kuma daga ta kwali. Takardar farasitamol ta ce babba zai iya shan ƙwaya ɗaya ko biyu duk bayan awa 4 zuwa 6. Likitan gwaggo ya rubuta biyu, sau uku, kwana uku. Abin da na mayar mata Hausa ke nan, ban karanta mata zaɓin kwali ba, don zaɓi ruɗani yake kawowa.

Likitoci da gajerun alamomi suke rubutu, kuma 'yan kaɗan ne ke yawan dawowa. `od` sau ɗaya a kwana, `bd` sau biyu, `tds` sau uku, `qds` sau huɗu, `nocte` lokacin kwanciya barci, `prn` sai in bukata ta taso. Lambobin da ke biye su ne tsawon lokaci: `3/7` kwana uku, `2/52` mako biyu, `1/12` wata ɗaya. In rubutun bai fito ba, ko ka ga abin da likita ya rubuta ya zarce iyakar da kwali ya yanka, tsaya nan ka yi waya. Kai mai isar da saƙo ne, gyaran adadi ba hurumin mai fassara ba ne.

3. Raba "guda nawa" da "sau nawa"

A nan aka fi yin ɓarna, kuma Hausar ce ke jawowa in an yi ta da gaggawa. Ka ce wa tsoho "biyu sau uku" yana tsaye a taga, hayaniya ta cika wuri, kunne kuma ya yi nauyi, sai ya isa gida da "uku sau biyu". Maganin wannan shi ne ka daina haɗa lambobin biyu a jimla ɗaya. Faɗi kowane lokaci da adadinsa: da asuba ƙwaya biyu, da azahar ƙwaya biyu, lokacin kwanciya ƙwaya biyu. Ya fi tsawo, amma ba ya juyewa.

Miligiram kuma ka bar shi a takardarka, kada ka sa shi a kunnenta. Ƙwaya take ƙirgawa. Sai dai kai dole ka lura da shi, ga dalili. Maganin zazzaɓin gwaggo, wanda aka rubuta Artemether/Lumefantrine a kwalinsa, kala biyu ya fi yawa a kasuwa. Mai lamba 20/120, babba ƙwaya huɗu yake sha a tashi ɗaya, katin duka ƙwaya 24. Mai lamba 80/480 kuwa ƙwaya ɗaya ce a tashi, katin duka 6. Tsohuwar da ta saba da huɗu-huɗu bara, in bana aka ba ta babban ba a yi mata bayani ba, za ta iya ɓallo huɗu. Wadda ta saba da ɗai-ɗai kuma za ta sha rubu'in magani, zazzaɓi ya ƙi tafiya. Na gwaggo mai 20/120 ne, don haka na rubuta mata huɗu, na kuma zana ɗigo huɗu.

Kalmar "ƙwaya" ba laifi in ana ƙirga, amma kada ka fassara *drug* da ita. A kunnen dattijo shan ƙwaya aikin 'yan shaye-shaye ne. Ce "magani".

Maganin ruwa shi ma yana da tarkonsa. *Teaspoonful* mililita 5 ne, *tablespoonful* mililita 15, ninki uku ke nan. In ka ce "cokali ɗaya" kawai, wanda ke kusa za a ɗauko, cokulan gidajenmu kuwa babu biyu masu girma ɗaya. Ɗauki kofin awon ka ja layi da maka daidai inda maganin zai tsaya, ka ce "zuwa nan". Wanda hannunsa ke rawa, sirinji ya fi masa.

4. Ɗaure lokaci a jikin abin da ba ya wuce ta

"Sau uku a rana" fassara ce daidai a baki, amma na ga inda ta kai mutum. Wani dattijo ya shanye ukun tsakanin hantsi da la'asar, da na tambaye shi ya ce ai cewa aka yi a rana, shi ya sa ya gama kafin ta faɗi. Bai yi kuskure a Hausa ba. Tun daga ranar na koma cewa "a kwana ɗaya, dare da rana", sannan in ambaci lokutan da sunansu.

Yawancin tsofaffinmu salla ce agogonsu, kuma babu abin da ya kai ta riƙe lokaci. Sai dai tazarar salloli ba ɗaya ba ce. Daga asuba zuwa azahar kusan awa takwas ne, daga azahar zuwa la'asar kamar biyu, tsakanin magariba da isha kuwa bai cika awa ɗaya da rabi ba. Wanda ya ce wa tsoho "azahar, la'asar, magariba" ya cusa magani uku cikin awa biyar, ya bar sauran kwanan fanko. Ga yadda nake rabawa:

- Sau ɗaya: lokaci guda da ba ya canzawa, galibi bayan karin kumallo, sai in likita ya ce da dare.
- Sau biyu: tazarar awa 12 ake nema, wato da safe wajen bakwai, da kuma bayan magariba.
- Sau uku: tazarar awa 8, wato bayan asuba, bayan azahar wajen biyu, sai lokacin kwanciya wajen goma.
- Sau huɗu: asuba, kafin azahar, gab da magariba, lokacin kwanciya.

Wanda ba salla ce ma'auninsa ba, nemo abin da ba ya fashi a yininsa: shayin safe, labaran rediyo, dawowar yara daga makaranta.

Maganin zazzaɓin gwaggo yana da nasa tsari na daban, kuma mutane da yawa ba su sani ba. Sha na biyu bayan awa 8 ne daga na farko, sannan a kwana na biyu da na uku a sha safe da dare, jimla sha shida. Ta sha na farko da ƙarfe biyun rana da dawowarta daga asibiti, saboda haka na biyu ya faɗo goman dare. Ban rubuta mata "bayan awa takwas" ba, don lissafin nawa ne, ba nata ba. Na rubuta "yau kafin ki kwanta, ƙarfe goma". Da a ce da magariba ta fara, na biyun zai faɗa biyun dare, sai a sa ƙararrawar waya a tashe ta, ko a tambayi mai ba da magani yadda za a yi.

Akwai kalma ɗaya da nake so ka ji tsoronta: *weekly*. Wasu magunguna sau ɗaya ake shan su a mako, kamar metotireset da ake ba masu wani irin ciwon gaɓoɓi, kuma shan sa kullum yana kashewa. In ka ga wannan kalma, rubuta ranar da ja: "Juma'a kaɗai". Ka cire shi daga ledar sauran, ka damƙa wa mai jinya.

Zancen azumi kuwa zai taso ko ba ka tayar ba. Kada ka mayar da sau uku zuwa sahur da buɗa-baki da kanka, musamman maganin suga. A koma wa likita tun kafin watan ya kama.

5. Abinci, da hanyar da magani zai bi

*Take with food* ba ya nufin bayan an ci abinci da awa biyu. Ana cikin ci, ko da sauke hannu. Haka metfomin yake, domin a cikin da babu komai yana tayar da zuciya ya kawo zawo. Na ce wa gwaggo, "In kin kai loma ta ƙarshe, ki bi da shi." *On an empty stomach* kuwa galibi awa ɗaya kafin ci ne, ko awa biyu bayan ci. In ka ce "kafin abinci" kawai, za ta haɗiya ta ɗauki kofin koko nan take, domin a wurinta koko abin sha ne, tuwo ne abinci. Ka ce: "Kafin ki sa komai a baki, ko koko, ko shayi, ko goro. Ruwa kaɗai."

Maganin zazzaɓin nan yana son maiƙo kafin jiki ya ɗauke shi sosai, mai zazzaɓi kuma ba ya son ci. Takarda za ta ce madara ko abinci mai kitse. Ka faɗi abin da ke gidan: shayi da madara, kindirmo, kunun gyaɗa, ƙosai. Akasin haka, akwai magunguna irin su sifrofuloksasin da tetirasaikilin da nono ke hana su aiki, a nan kuma dole ka ambaci fura da nono da sunansu, don in ka ce "madara" ta gwangwani za ta fahimta.

Sannan "sha" a Hausa ta yi faɗi da yawa. Zaɓi aikatau da ya dace: haɗiya, tauna, tsotsa, sa ƙarƙashin harshe, shafa, ɗiga, kurkure a zubar, matsi. Inda aka rubuta *swallow whole*, ko ka ga SR ko XR a ƙarshen suna, an yi ƙwayar ne ta riƙa narkewa a hankali tsawon yini. Tsofaffi da yawa suna daka magani su dama a ruwa saboda wahalar haɗiya, in aka yi wa irin wannan haka sai ƙarfin yini guda ya sauka lokaci ɗaya. Ka ce: "A haɗiye shi yadda yake, ba a fasawa, ba a taunawa, ba a dakawa." In ba ta iya haɗiya, a nemi likita ya canza mata wani.

6. Har yaushe, kuma in an manta fa

Magani iri uku ne ta wannan fuska, kuma kowane kwali sai ka gaya mata ajinsa. Akwai na shanyewa: na zazzaɓi da masu kashe ƙwayoyin cuta, "ko kin ji garau sai katin ya ƙare". Akwai na bukata, kamar na ciwon kai. Akwai na zama, wato na hawan jini da na suga. Wannan na ukun shi ya fi wuya, domin a tunaninmu magani na mai ciwo ne, in an warke an gama. Nakan ce: "Gwaggo, wannan ba ya korar hawan jini, danne shi yake yi. Ranar da kika ajiye, zai taso ko ba ki ji komai ba. In saura na kwana biyar, a je a karɓo wani."

Ga mantuwa, jimla ɗaya ce ba ta canzawa: ba a rama magani. Dole ka faɗe ta da wannan kalma, domin wanda ya saba rama salla da azumi zai ga dacewar ya haɗa na jiya da na yau. Ga amlodifin, in ta tuna a cikin yinin ta sha, in an wuce awa 12 ta bari sai na gobe. Sauran magunguna ka duba abin da takardar kowanne ta ce. In ta yi amai jim kaɗan bayan shan na zazzaɓi, cikin awa ɗaya, ana sake shan wani, a kuma koma a karɓo cikon katin.

7. Gargaɗi: tace shi gida uku

Kada ka karanta wa tsoho jerin *side effects* daga sama har ƙasa. Na taɓa yin haka da kyakkyawar niyya a farkon aikina, matar ta saurara tsaf, ta yi godiya, ta je gida ta jefa maganin a ƙasan akwati. Kalmar "illa" ma nauyi gare ta, a kunne tana nufin lahani mai zama. Nakan ce "abin da wasu kan ji in suna sha". Ka kuma san ma'anar kalmomin da kanka: a irin waɗannan takardu *common* na nufin abin zai iya samun har mutum ɗaya cikin goma, *rare* kuwa bai wuce ɗaya cikin dubu ba. Saboda haka "wasu" za ka ce, ba "kowa" ba.

Gida na farko shi ne hani, abin da ke ƙarƙashin *do not take if*. Wannan ba karanta mata za ka yi ba, tambayoyi za ka mayar da shi tun kafin ta sha. An taɓa ce miki kina da ciwon ƙoda? Ciwon hanta? Gyambon ciki? Bugun zuciyarki yana rikicewa? *Allergy* ba ta da kalma ɗaya da kowa zai gane, wasu na cewa borin jini, amma tambaya ta fi: "Akwai maganin da kika taɓa sha bai karɓe ki ba, jiki ya feso da ƙuraje, ko fuska ta kumbura, ko fata ta saɓule?" In ta ce e, a dakata a kira likita. A ledar gwaggo wannan tambayar ce ta tono diklofenak da take saya don gwiwa. Shi da ibufurofen suna cin ciki, suna wahalar da ƙoda, suna kuma tayar da hawan jini, ga ta da suga. Na ware shi na ce sai likita ya gani.

Gida na biyu, abin da za a iya ji a ci gaba da sha, a faɗa wa likita ranar komawa. Ɗauki biyu ko uku da suka fi faruwa. Ga amlodifin, kumburin idon sawu da ɗan jiri. Ga metfomin, lalacewar ciki a makonnin farko. Faɗin su tun da wuri shi ke hana ta tsorata ta daina.

A wannan gida ne ake cin karo da *may cause drowsiness, do not drive or operate machinery*. Gwaggo ba ta tuƙi, ba ta da inji. In ka fassara shi yadda yake, za ta ce bai shafe ta ba, alhali ita ya fi shafa, don faɗuwa ɗaya a makewayi kan karya ƙugun tsoho ya kwanta ke nan. Ka mayar da shi rayuwarta: "Zai iya sa ki jiri ko barci. In za ki tashi, ki zauna bakin gado tukuna. Kada ki shiga wanka babu kowa a gida, kada ki zauna gaban murhu, kada ki hau bayan babur." Ga Baba kuma ka ƙara tafiya masallaci da asuba cikin duhu, a samu mai raka shi.

Gida na uku da jar maka ake rubuta shi, a tsaya a tafi asibiti yanzu, ko tsakar dare ne: kumburin fuska ko leɓe ko harshe, numfashi na sarƙewa, ƙuraje a baki da ido ko fata na saɓulewa, baƙin bayan gida kamar kwalta, aman jini, suma ko ruɗewa. Ga mai shan metfomin akwai ƙari: in amai ko zawo ya yi yawa har ba ta iya riƙe ruwa, a dakatar da shi a kai ta a duba. Ga mai shan maganin suga irin gilibenkilamaid kuwa, rawar jiki da gumi mai sanyi da ruɗewa alamar suga ya faɗi ne, a ba da ruwan sukari nan take in tana iya haɗiya, sannan a tafi.

Iyakar farasitamol ita ma ja ce. *Do not exceed 8 tablets in 24 hours* na nufin ƙwaya takwas masu miligiram 500 ne ƙarshe daga safiyar yau zuwa safiyar gobe, da tazarar aƙalla awa huɗu. Tsoho mai ƙaramin jiki, wanda bai kai kilo 50 ba, ko mai ciwon hanta, iyakarsa ƙasa da haka take, likita zai faɗa. Abin da ba a sani ba shi ne yawancin magungunan mura da na ciwon jiki akwai farasitamol a ciki. Wuce iyaka hanta yake lalatawa, kuma ba ya nunawa a ranar farko. Na ce mata: "Muddin kina shan wannan, babu maganin mura ko na ciwon jiki daga kemis sai an nuna mini."

Inda aka ce a guji *alcohol*, kada ka tsallake don kunya, kada kuma ka jefa wa dattijo kalmar giya a fuska. Ce: "Takardar ta ce duk mai shan wannan ya nisanci abin da ke da barasa, har da wasu magungunan gargajiya na kwalba." Ya ji, kuma ba ka zarge shi ba.

8. Rubuta takardar gida

Takarda ɗaya, manyan baƙaƙe, layi ɗaya umarni ɗaya. Ka jera ta bisa lokaci, kada ka jera bisa magani, domin tambayar da take yi ita ce "yanzu me zan sha?" Ɓallo ƙwaya ɗaya-ɗaya ka manna ba dabara ba ce, iska da zafi na lalata su. Gara ka ba kowane kwali alama da maka, da'ira, kuros, layi biyu, ka maimaita alamar a takarda, ka zana ɗigo adadin ƙwayoyin. Ta gwaggo ta kwana na biyu ta fito haka:

Bayan asuba: na ciwon jiki, 2.
Karin kumallo: na hawan jini, 1. Na suga, 1. Na zazzaɓi, 4, da shayi mai madara.
Bayan azahar: na ciwon jiki, 2.
Tuwon dare, bayan magariba: na suga, 1. Na zazzaɓi, 4.
Lokacin kwanciya: na ciwon jiki, 2.

Wani almajiri na maƙwabta ya kwafe mata da ajami, na sa ya karanta mini na bi layi-layi da tawa, don lamba ba ta son kuskuren kwafi. A ƙasa na rubuta sunayen magungunan na asali da ƙarfinsu yadda suke a kwali, saboda duk ma'aikacin lafiyar da zai gani. In babu mai karatu a gidan ko ɗaya, yi mata saƙon murya a wayar jikanta, a hankali, lokaci bayan lokaci. Wurin ajiya kuma, *store below 30°C* a bazarar Kano ko Sakkwato yana nufin wuri mafi sanyi a ɗaki, nesa da taga da kicin da rufin kwano, inda hannun jikoki ba ya kai.

9. Sa ta maimaita, sannan ka dawo ka ƙirga

"Kin gane?" ba tambaya ba ce, domin dattijuwa za ta ce ta gane don kada ta wahalar da kai. Ka ɗora wa kanka nauyin: "Gwaggo, ina tsoron ko na rikita bayanin. Nuna mini abin da za ki sha gobe da karin kumallo." Miƙa mata ledar ta zaro da hannunta, ta nuna adadi. Sannan ka tambaye ta me za ta gani ta ce a kai ta asibiti. Inda ta yi tuntuɓe, canza kalmomin, kada ka maimaita waɗanda suka kasa da ƙarfin murya. Mai jinyar ma ya yi nasa a gabanka.

Bayan kwana uku ka koma ka ƙirga. Katin zazzaɓi mai 24 ya kamata ya zama fanko. Bayan mako guda, amlodifin bakwai ne za su ragu, metfomin sha huɗu. Ranar da na koma wa gwaggo, na zazzaɓi ya ƙare daidai, amma metfomin ya nuna rarar uku, duka na dare. Da na bincika, ashe a daren da ba ta ci tuwo ba, sai ta sha fura kawai, tana ganin ba ta ci abinci ba, sai ta bar maganin. Na goge "tuwon dare" a takardar, na rubuta "duk abin da kika ci ko kika sha da dare, ko fura ce", na kuma sa jikarta ta riƙa ajiye katin kusa da kwanon.